Kullu Ba Ruwan Famfo Ba Ne: Yadda Ake Tsara Kalandar Fostin Don Furojet Ɗin Tallar Abinci

A samistar da ta wuce, lakcaran da ke ɗaukar mu kwas ɗin talla ya raba mu rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya nemi ƙaramar sana'ar abinci ya tallata ta a intanet na mako huɗu, sannan ya kawo rahoto. Mu biyar muka zaɓi wata baiwar Allah mai tuyar masa kusa da ƙofar makaranta, wadda kowa ke kira Mama. Daren Juma'ar farko muka ɗora wani bidiyo mai kyau na masa tana soyuwa a tanda, muka rubuta "gobe da safe ku zo". Ba mu gaya wa Mama ba. Washegari mutane suka zo fiye da yadda ta saba gani ranar Asabar, kafin ƙarfe takwas kullu ya ƙare, wasu suka juya suna tsaki, wani ma ya rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa tallar ƙarya ce. Da muka je da rana muna murna, kallon mu kawai ta yi ta ce: "'Ya'yan nan, ai kullu ba ruwan famfo ba ne da za a murɗa ya zubo. Da kun faɗa mini jiya, da na ƙara shinkafa."

Wannan magana ita ce darasin gaba ɗaya. Kalandar fostin, wadda wasu ke ce wa kalandar kontent, tebur ne da ke nuna abin da za a ɗora, a ina, yaushe, wa zai ɗora, kuma don me. Yawancin rukunoni daga waya suke fara cika shi: "Litinin hoto, Talata bidiyo." Idan sana'ar abinci ce, daga madafa ya kamata a fara. Ga yadda muka sake namu bayan mun sha kunya.

Ku fara da tambayar mai sana'a

Kafin ku buɗe Google Sheets, ku je ku zauna da mai abincin a lokacin da ba ta da ciniki, ku ɗauki biro da takarda. Tambaya uku ce ta fi amfani: wace rana ce ciniki ya fi mutuwa, nawa za ki iya ƙarawa ba tare da kin ɗauki mai taya ki ba, kuma tun yaushe kike buƙatar sanin adadin masu saye?

Amsar Mama ta canja mana komai. Litinin zuwa Juma'a ba ta da matsala, masu lakcar ƙarfe takwas suna kwashe masar kafin goma. Da mun tallata ranakun nan, da layi kawai muka ƙara mata, ba riba ba. Asabar ce ranar da take zama tana kallon hanya, saboda ɗalibai suna barci a hostal ko sun tafi gida. Tanda ɗaya gare ta, kuma ta ce iyakar abin da za ta iya ƙarawa a safiyar Asabar roba 30 ce ta masa da miyar taushe.

Daga nan muka rubuta buri guda ɗaya a saman tebur: odar Asabar ta kai roba 25 a mako na huɗu, kuma kada ta wuce 30. Ku lura da abu biyu a wannan jimla. Akwai adadi da rana, don haka a ƙarshe za a iya cewa an ci ko an faɗi. Sannan akwai iyaka ta sama, wadda ita ce ke kare mai sana'ar. Buri irin "mu sa a san ta" ba ya aunuwa, kuma ranar difens lakcara zai tambaye ku da me kuka gane an san ta, ku yi ta kallon juna.

Ku yi lissafi da baya, daga ranar ciniki

Masa ba abin da ake yi nan take ba ne. Ana jiƙa shinkafa, a kai markaɗe, a sa yis, a bar kullu ya kwana ya tashi, da asuba a fara tuya. Idan kullu ya yi yawa ya rage, tsami yake ƙarawa, jarin ya tafi. Idan ya yi kaɗan, abin da ya same mu ne zai faru. Mama tana jiƙa shinkafar Asabar ranar Juma'a da rana, ta kai inji kafin magariba. Ke nan ƙarfe 12 na ranar Juma'a dole ta san adadin robobin da za ta yi.

Wannan lokaci shi ne turken da muka ɗaure sauran makon a jikinsa. Idan za a rufe karɓar oda Juma'a ƙarfe 12, to sai an buɗe tun daren Alhamis, lokacin da mutane sun dawo ɗaki suna danna waya. Da safiyar Juma'a a yi tuni ga waɗanda suka gani suka ce "bari anjima". Kafin a ce wa mutum ya yi oda kuwa, ana so ya riga ya ga masar ya haɗiyi yawu, don haka bidiyon tuya ya faɗa ranar Laraba. Litinin kuma ta zama ranar shaida: hoton robobin da aka sayar ranar Asabar da abin da wani mai saye ya faɗa. Ga makonmu na uku kamar yadda yake a tebur:

| Rana da lokaci | Dandali | Abin da za a ɗora | Aikinsa | Mai ɗorawa | Matsayi |
|---|---|---|---|---|---|
| Litinin, 8 na dare | Status, Instagram | Hoton robobin Asabar da kalaman mai saye | Shaida | Mai rubutu | An ɗora |
| Laraba, 8 na dare | Status, Instagram | Bidiyon tuya, daƙiƙa 20 | Jan ra'ayi | Mai kamara | An ɗora |
| Alhamis, 8 na dare | Status, guruf ɗin hostal | Fosta: farashi, wuri, lokacin rufewa | Buɗe oda | Shugaban rukuni | Mama ta gani |
| Juma'a, 9 na safe | Status | "Saura roba kaza" | Tuni | Mai karɓar oda | Ana jira |

Gidan da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na "Aikinsa". Duk fostin ɗin da kuka kasa rubuta aikinsa da kalma ɗaya ko biyu, ku cire shi. Da farko mun sa hoton "barka da Juma'a" da wani na "sabon wata", sai muka ga babu abin da za mu rubuta a wannan gida, muka share su.

Irin wannan lissafi yana aiki ga kowane abinci, turken ne kawai ke canjawa. Mai zoɓo da kunun aya turkenta lokacin da za ta samu ƙanƙara ko wuta. Mai dambun nama, wanda ke daɗewa bai lalace ba, tana iya karɓar oda har mako guda kafin rana. Ku tambaya, kada ku yi zato.

Nawa za ku iya, kuma a ina?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsara fostin kullum a dandali huɗu. A takarda yana da kyau. A zahiri ranar Talata ta biyu wani yana da tes, wata datarta ta ƙare, shafin ya yi shiru, kuma shirun ya fi rashin farawa muni. Mu fostin huɗu muka tsayar a mako. Tun da makon farko ya tafi a kuskure da gyara, saura mako uku, fostin 12 ke nan. Muka ƙara biyu na ajiya, waɗanda ba su da alaƙa da wata rana, don ranar da abu ya cije. Duka 14.

Wajen zaɓen dandali, ku tambayi kanku inda mai sayen yake. Mai sayen masa da safe ba ya wuce tafiyar minti goma daga tanda. Mutum dubu a wani gari su ga bidiyon, ba su ƙara wa Mama ko kwabo ba. Shi ya sa muka sa WhatsApp a gaba, Instagram a baya. Amma WhatsApp yana da ƙa'idojin da dole kalanda ta yi la'akari da su.

Na farko, Status yana ɓacewa bayan awa 24. Fostar buɗe oda da aka ɗora Alhamis ƙarfe 8 na dare za ta zauna har Juma'a ƙarfe 8 na dare, awa takwas bayan an rufe. Idan ba ku rubuta lokacin rufewa ɓaro-ɓaro a jikin fostar ba, ko ba ku sa wani ya goge ta ƙarfe 12 ba, oda za ta ci gaba da shigowa bayan an jiƙa shinkafa. Mu duka biyun muka yi, har gogewar ma muka ba ta layinta a kalanda.

Na biyu, Status ɗinka ba ya isa sai ga wanda kuka ajiye lambar juna. Sabuwar lambar da aka buɗe don furojet ba ta da masu kallo. Abin da muka yi shi ne kowannenmu ya ɗora a nasa Status a lokaci guda, amma lambar karɓar oda ɗaya ce tak. Haka ma saƙon Broadcast, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku ba, don haka kada ku dogara da shi a makon farko.

Na uku, guruf ɗin hostal da na aji ba naku ba ne. Ku nemi izinin admin, ku tura sau ɗaya a mako, ranar buɗe oda kawai. Wanda ya cika guruf da talla, fitar da shi ake yi.

Rana ɗaya ta ɗauka, mutum ɗaya ga kowane layi

Ba za ku iya zuwa wurin mai sana'a kullum da kamara ba, ita ma ba za ta jure ba. Ku ware safiya ɗaya ku ɗauki abin da zai ishe ku mako biyu. Kafin ku tafi, ku fitar da jerin abin da kuke buƙata daga cikin kalandar: zuba kullu a tanda, juya masa, miya tana tururi, roba a rufe, roba a buɗe, da hoton wurin daga bakin titi don a gane shi. Ku riƙe waya a tsaye, domin Status da Reels a tsaye ake kallon su. Ku ɗauka da hasken safiya, a gefen da hayaƙi ba ya bi, ku goge gilashin kamara, don maiƙo yana sa hoto ya yi hazo.

Sannan ku tambayi izini. Mama ta yarda a nuna hannunta da tandarta, ba ta yarda da fuskarta ba, kuma haka muka bar shi. Mai sayen da za ku sa kalamansa ko hotonsa, shi ma a tambaye shi. Robar da za ku ɗauka a hoto kuma ta zama daidai da wadda za a ba mai saye. Idan masa biyar ake sawa, kada ku jera bakwai don hoto ya cika.

A gidan "Mai ɗorawa", sunan mutum ɗaya ake rubutawa. "Dukkanmu" yana nufin babu kowa. A rukuninmu akwai mai kamara, mai rubutu, mai karɓar oda, mai lissafi, sai shugaba da ke zuwa wurin Mama. Gidan "Matsayi" kuma matakai huɗu gare shi: ana jira, an shirya, Mama ta gani, an ɗora. Mataki na ukun ba ado ba ne. Duk fostin mai ɗauke da farashi, lokaci ko adadi, sai an nuna mata kafin ya fita. A mako na uku kuɗin shinkafa ya motsa a kasuwa, ta ce za ta canja farashin roba. Da ba a kai mata fostar ba, da mun tallata tsohon farashi, ita za a bari da rigima da masu saye.

Na Instagram da Facebook ana iya jera su tun da wuri a Meta Business Suite, kyauta ne, a sa rana da lokaci su fita da kansu. Status kuwa da hannu muke ɗorawa, don haka kowa ya sa alam a wayarsa. Duk daren Lahadi muna zama na minti 20 mu duba makon da ke tafe, mu tabbatar babu layin da ke "ana jira" alhali saura kwana ɗaya.

Yadda za ku gane wane fostin ne ya kawo ciniki

Yawan masu kallo da masu danna alamar so yana faranta rai, amma ba shi ne burin ba. Ku buɗe shafi na biyu a cikin tebur ɗin, ku sa masa suna Oda. Kowace oda layi ɗaya: rana, adadin roba, inda mutum ya ga tallar, ya biya ko bai biya ba, ya karɓa ko bai karɓa ba. Mai karɓar oda zai riƙa tambaya: "A ina ka ga tallar?" Don sauƙi, a Instagram mun sa mahaɗin da ke buɗe WhatsApp da rubutu a shirye, ta yadda duk saƙon da ya zo da wannan rubutu mun san daga can yake. Ana rubuta lambar da 234 a gaba, ba tare da sifilin farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Oda%20Instagram
```

Idan inda aka ga tallar yana gidan C, wannan zai ƙirga muku na Status, sai ku canja kalmar ga sauran:

```
=COUNTIF(C2:C60,"Status")
```

Ku tsayar da kalmomi huɗu ko biyar da kowa zai riƙa rubutawa iri ɗaya, in ba haka ba lissafin zai tsallake wasu layukan.

Ga abin da muka gani. Asabar ta mako na biyu roba 11 aka yi oda, amma mutum uku ba su zo karɓa ba, masarsu ta huce a gaban Mama. Daga nan muka sa doka: oda ba ta shiga lissafi sai an biya, kuma kuɗin asusun Mama yake zuwa kai tsaye, ba na wani ɗalibi ba. A mako na uku roba 19: 12 daga Status, 4 daga guruf ɗin hostal, 2 daga Instagram, 1 daga bakin aboki. Bidiyon Instagram ya fi komai samun masu kallo, amma roba biyu kawai ya kawo. Don haka a mako na huɗu muka daina ɓata lokaci wajen gyaran bidiyo, muka nemi izinin ƙarin guruf biyu na hostal. Asabar ta ƙarshe roba 26, duk an biya.

Alƙaluman suna kuma nuna inda ciwo yake, idan kun iya karanta su. Masu kallo kaɗan, matsalar isarwa ce: lokaci bai dace ba, ko mutane ba su da lambarku. Masu kallo da yawa amma babu mai tambaya, fostar ce ba ta faɗi farashi, wuri ko yadda ake oda ba, ko kuma masu kallon suna nesa. Tambaya da yawa amma babu biya, ku duba tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a ba da amsa. Mai jin yunwa ba ya jiran awa uku. An biya, an karɓa, amma ba wanda ya dawo mako na gaba, to wannan ba aikin kalanda ba ne, magana ce ta abincin ko ta jinkirin miƙawa, kuma sai a faɗa wa mai sana'a cikin ladabi.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: tun da Status yana ɓacewa, adadin masu kallonsa ma yana tafiya da shi. Ku ɗauki hoton fuskar waya kafin awa 24 ta cika, ku tara a wuri ɗaya da kwanan wata. Su ne hujjarku a rahoto.

Abubuwan da ke rusa kalanda

Kafin ku cika ranaku, ku ɗora kalandar makaranta a kan taku. Makon tes, hutun tsakiyar samista, ranar da yawancin ɗalibai ke tafiya gida, duk ku yi musu alama. Ƙarshen wata da tsakiyarsa ba ɗaya ba ne a aljihun ɗalibi. Idan furojet ɗin ya faɗo cikin azumi, duk lokutan nan sai sun juya: ciniki ya koma buɗa-baki da sahur, lokacin jiƙa shinkafa ya canja, turken ma ya canja.

Sai ranar da mai sana'a ba za ta fito ba, saboda biki, rashin lafiya ko rasuwa. Ku ajiye fosta ɗaya a shirye mai cewa ba a karɓar oda wannan makon, kuma ku tuna da dakatar da abin da kuka riga kuka jera ya fita da kansa. Idan kun canja wani abu a kalanda, kada ku goge tsohon layi. Ku ƙara gida ɗaya a ƙarshe mai suna "Dalili", ku rubuta abin da ya sa. Namu lakcaran wannan gida ya fi tsayawa a kai ranar difens, domin a nan ake ganin ko rukuni ya yi tunani ko kuwa ya cika tebur ne daren miƙawa. Ku sani kuma, mako uku ba ya tabbatar da cewa cinikin Asabar zai ɗore. Ku faɗi hakan a rahotonku da bakinku kafin a tambaye ku.

A ƙarshe, ku tuna ku maki kuke nema, ita kuwa abincin gidanta ne. Ranar da muka gama, mun kwafe wa ɗiyar Mama hotunan da fostar a wayarta, muka rubuta mata tsarin a takarda guda da layi uku: Laraba bidiyo, Alhamis buɗe oda, Juma'a ƙarfe 12 a rufe a faɗa wa Mama adadi. Idan kalandarku ba za ta iya komawa layi uku irin waɗannan da mai sana'a za ta riƙe bayan kun tafi ba, ku koma ku rage ta.